Shanyewar ɓarin jiki: me ya haɗa dattijo mai hawan jini da yarinya mai sikila?

Ta yaya mutumin da ya je sallar asuba da ƙafarsa, ya gaisa da maƙwabta lafiya lau, kafin hantsi za a ɗauko shi ranga-ranga, baki a karkace, hannun dama ya ƙi motsi? Kuma idan mun yarda cewa wannan ciwon manya ne, me ya kai shi jikin yarinya 'yar shekara shida da ba ta san hawan jini ba, sai dai sikila? Amsar da aka fi ji a unguwa ita ce iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, ko yarinyar ta yi gamo a banɗaki. Abin da ya sa wannan fassara take shiga zuciya shi ne yadda ciwon yake zuwa farat ɗaya. Sai dai faɗuwar ce kawai ta gaggawa. Ɓarnar da ta kawo ta ta daɗe tana gudana a cikin jijiyoyin jini, wani lokaci shekaru, kuma a manya da yara duka akwai awon da ke nuna ta tun kafin ranar ta zo.

Mene ne yake mutuwa idan an ce jiki ya shanye?

Hannun da ya shanye lafiyarsa ƙalau, haka ma ƙafar. Raunin yana cikin ƙwaƙwalwa. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin babban mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jini ya yanke wa wani sashe nata, cikin mintuna ƙwayoyin wurin za su fara mutuwa, kuma duk aikin da sashen yake riƙe da shi sai ya tsaya. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan ne cibiyar magana. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa harshensa ma yake ɗaukewa.

Hanya biyu ce jini yake yankewa. Ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jinin ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fitar da sakamako a 2018. An samu kusan kashi biyu bisa uku na masu ciwon toshewa ce, kusan kashi ɗaya kuma fashewa. Wannan kason fashewa ya fi na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Binciken ya kuma nuna cewa kusan tara cikin goma na shanyewar da aka gani ana iya danganta su da hawan jini.

Abin da hawan jini yake yi wa jijiya a ɓoye

Wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa da tiyo idan injin ban-ruwa ya fi ƙarfinsa. Ba ranar farko yake fashewa ba. Yana nan yana aiki har sai ranar da wuri mafi rauni ya buɗe. Jijiyar jini ta ɗan bambanta da tiyo domin ita mai rai ce, tana ƙoƙarin kare kanta. Idan matsi ya yi yawa sai bangonta ya yi kauri ya sandare, kuma kaurin nan ta ciki yake cin fili, hanyar jini ta ƙara tsukewa.

Awon da ake yi a hannu lamba biyu yake bayarwa. Ta sama matsin jini ne lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Kusan 120/80 shi ne daidai ga babba. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, hawan jini ya tabbata.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne wasu 'yan siraran jijiyoyi da ke nutsewa cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa. Kai tsaye suke tsirowa daga manyan jijiyoyi, don haka duk ƙarfin bugun zuciya a kansu yake sauka, kuma wurin da kowace take shayarwa ba shi da wata hanyar jini ta biyu. Daidai wajen ne wayoyin da ke kai umarni ga hannu da ƙafa da fuska suke wucewa a cunkushe. Toshewar da girmanta bai kai ƙwayar wake ba a wannan wuri tana iya kashe rabin jiki. Idan kuma bangon jijiyar ya gaji ya yage, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, wannan shi ne wanda kan zo da matsanancin ciwon kai da amai da suma, kuma shi ya fi kisa.

Akwai hanya ta biyu da hawan jini yake bi ya kawo shanyewa. Matsi yana kankare lallausar fatar cikin manyan jijiyoyin wuya da na kai, kitse ya samu wurin maƙalewa. Wata rana tulin kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe. Ta uku kuma daga zuciya take. Zuciyar da ta yi shekaru tana tura jini da ƙarfin tsiya tana kauri tana buɗewa, har bugunta ya rikice. Jini ya riƙa kwanciya a wani lungu nata yana gudaji, gudan ya ɓalle ya bi jini ya tafi ya toshe jijiyar kai.

Bari mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba, amma irin wanda duk ma'aikacin asibiti ya saba gani. Ɗan kasuwa ne mai shekara 52. Ya je asibiti saboda zazzaɓi, aka auna aka ga 170/105, aka sake aunawa wata rana aka samu kusan haka. Aka ba shi maganin hawan jini, amlodifin, na wata ɗaya. Bayan sati uku ya tsaya a kemis aka auna, 135/85, sai ya ce alhamdu lillahi ya warke, ya ajiye magani. Tun daga nan sai ranar da ya ji kansa yana sara yake haɗiyar ƙwaya ɗaya. Kuskurensa biyu ne. Lambar 135 aikin maganin ce, kuma da ya daina, cikin kwanaki jinin ya koma inda yake. Sannan ya mai da ciwon kai ma'auninsa, alhali yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, mutum yana iya yawo da 180 yana ciniki yana raha. Shekara huɗu jijiyoyinsa suna ɗauke da wannan nauyi. Wata rana yana lissafi biro ya suɓuce daga hannunsa, maganarsa ta sarƙe na minti goma, sannan komai ya dawo daidai. Ya ce gajiya ce. Wannan ɗan gajeren abu toshewa ce da ta buɗe da kanta, kuma kwanakin da ke biye da ita su ne mafi haɗari.

Akwai wata magana da take yawo, wai maganin hawan jini idan ka fara jiki sabawa yake yi, ko kuma yana kashe ƙoda. A ganina wannan magana ta kwantar da mutane da yawa. Maganin ba ya jawo sabo, ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa ake sha kullum. Ƙodar kuwa hawan jinin da aka bari ne yake cinye ta. Haɗaɗɗun bincike sun nuna cewa sauke lambar sama da maki 10 kacal yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Da yawa ƙwaya iri ɗaya ba ta isar su, sai an haɗa biyu, kuma wannan ba alamar ciwo ya gagara ba ne. Abin da ke yi wa maganin zagon ƙasa a gidajenmu sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji da kanwa. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa, suna ɗaga jini.

To yaro mai sikila fa, shi da jininsa bai hau ba?

A nan matsalar daga jinin kansa take. Yaron da ya gaji SS, wato ya ɗauko S daga uwa ya ɗauko daga uba, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jininsa yana sandarewa idan ya sauke iskar. Ƙwayar da ya kamata ta zama mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta riƙa manne wa bangon jijiya. Ƙwayar mai lafiya tana kwana kusan 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, galibi tsakanin 6 da 9 a awon da ake rubutawa Hb. An daɗe ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Mutane da yawa suna zaton ƙwayoyin laujen ne suke cushewa a ƙananan jijiyoyin kai kamar yadda suke yi a ƙashi lokacin da ciwo ya tashi. Babbar shanyewar yara ba haka take zuwa ba. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana kan girma, tana buƙatar jini fiye da ta babba. Ga shi jinin nasa ba ya ɗaukar oksijin sosai, don haka jiki yake rama giɓin ta hanyar tura jini da yawa da gudu. Wannan gudu, tare da ƙwayoyi masu kaushi da ke gogar bango, yana raunata manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin da ke fashewa suna zubar da abin cikinsu, shi kuma yana cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Bango ya yi ta kauri, hanya ta yi ta tsukewa.

Yaron da ke wannan hali ƙwaƙwalwarsa ta riga ta buɗe duk hanyoyin da take da su, babu sauran rara. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya ƙara zubar da jininsa, ko ciwon ƙirji ya rage masa iska, ko gudawa ta busar da shi, sai abin da ke isa ga ƙwaƙwalwa ya gaza. Wannan ne dalilin da ya sa shanyewar takan biyo bayan wata rashin lafiya.

Alƙaluman da aka fi dogara da su sun fito ne daga binciken da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, likita ɗan Gana, ya wallafa a 1998 kan masu sikila a Amurka. Idan babu rigakafi, kusan 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewa kafin shekara 20, kuma kusan 24 cikin 100 kafin shekara 45. Toshewa ta fi yawa a yara 'yan ƙasa da shekara goma, fashewa kuma ta fi yawa a masu shekara ashirin da wani abu. Wanda ya taɓa samu sau ɗaya aka bar shi ba magani, kusan biyu cikin uku takan dawo musu, yawanci cikin shekara biyu zuwa uku.

Akwai kuma wadda ba ta karkata baki ba ta kashe hannu. Ƙananan wurare ne suke mutuwa a ƙwaƙwalwa shiru, sai hoton MRI ke nuna su, kuma kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS suna samun su kafin su girma. Alamarta a makaranta take fitowa. Yaron da ke hadda da sauri ya koma mantuwa, lissafi ya gagare shi, a ce ya zama daƙiƙi ko ya fara wasa, har a haɗa masa da bulala. Duk malamin da ke da ɗalibi mai sikila ya kamata ya san da wannan.

Awon da ke hango haɗarin, da gardamar da ta biyo baya

Akwai wata na'ura da ake kira TCD. Ana ɗora kanta a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ta auna gudun jini a manyan jijiyoyin nan. Babu allura, babu zafi. Hikimar ita ce ruwa ya fi gudu a inda hanya ta tsuke, kamar idan ka danne bakin tiyo da yatsa. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya ne. Daga 170 zuwa 199 sai a sa ido a maimaita awon ba da jimawa ba. Idan ya kai 200, haɗarin shanyewa ya kai kusan 10 cikin 100 a kowace shekara. Shawarar likitoci ita ce a yi wa duk yaro mai SS wannan awo sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Yawan tashin ciwo ba ya nuna wanda ke cikin haɗari. Yaron da bai cika kwanciya a asibiti ba yana iya fitowa da 220.

Me za a yi wa wanda awonsa ya hau? Binciken STOP na Amurka, wanda aka wallafa a 1998, ya nuna cewa ƙarin jini kusan kowane wata, don a riƙe kason jinin S ƙasa da 30 cikin 100, yana rage haɗarin da kusan kashi 90. Nan ne aka rabu gida biyu. Wasu suka ce tunda wannan ne aka tabbatar, shi za a bi ko'ina. Likitocinmu suka ce a duba ƙasa tukuna. Ina iyali za su samu leda ɗaya ta jini mai tsafta duk wata har shekaru? Ga kuɗin gwaji, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya wanda shi ma sai an sha magani mai tsada don fitar da shi, ga jikin yaron da kan fara ƙin jinin wasu.

Amsar ta fito daga Kano da Kaduna. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jini. Maganin yana sa ɓargo ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, yana kuma ɗaga yawan jini, sai gudun ya sauka. A binciken SPRING da aka wallafa a 2022, an raba yara 220 masu awo mai haɗari gida biyu, wasu suna shan miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu a kullum, wasu 20. A duka ɓangarorin shanyewa ta yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

A aikace, yarinya 'yar shekara shida mai kilo 18 da awonta ya nuna 215 za a sake aunawa don tabbatarwa. Idan likita ya zaɓi 20 kan kilo, lissafin ya kama miligiram 360 a yini, ya daidaita shi da girman ƙwayar da ake samu. Za a riƙa gwada jininta lokaci-lokaci, saboda maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, kuma a ƙara adadin idan ta ƙara nauyi. Ba maganin da za a saya a kemis a fara ba ne. Yana da iyaka kuma: yaron da jijiyoyinsa suka riga suka lalace sosai, ko wanda ya taɓa shanyewa, ƙarin jini ya fi ba shi kariya inda hakan zai yiwu.

Inda ciwon biyu suke haɗuwa shi ne a jikin babba mai sikila. Masu sikila matsin jininsu a al'ada ya fi na sauran mutane sauka, don haka 135/85 da za a ce wa wani ba laifi, a wurinsu hawa ne, a kan jijiyoyin da suka sha wuya tun yarinta da ƙodar da sikila ta taɓa. Likitocin jini suna son a riƙe nasu kada ya wuce 130/80. Mai AS kuwa ba ya cikin irin haɗarin shanyewar yara da muka bayyana.

Ranar da abin ya faru

Alamun ɗaya ne a babba da yaro: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke, ko tafiya ta koma tangaɗi. A yaro yana iya zuwa da farfaɗiya, ko a ga yana jan ƙafa ba tare da kukan ciwo ba. Wannan rashin ciwon shi ne ke bambanta shi da tashin sikila na ƙashi.

A riƙe lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, domin likita zai tambaya. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi, kuma a asibitocin da ke da ita sai an yi hoton CT an tabbatar ba fashewa ba ce. Saboda wannan dalili kada a ba shi asfirin a gida, idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a ɗura masa ƙwayoyin hawan jini don a faɗo da lambar nan take, domin sashen da ke tsakanin rai da mutuwa da wannan matsin yake samun ɗan jinin da ya rage masa. Kada a ba shi ruwa, ko kunu, ko rubutu, har sai an gwada haɗiyarsa, saboda maƙogwaro ma yana shanyewa, abin ya zarce huhu. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. A kwantar da shi ta gefe idan ba ya cikin hayyacinsa.

Idan mai sikila ne, a faɗa tun daga bakin ƙofar asibiti cewa SS ne, domin maganinsa na gaggawa daban ne: oksijin da ƙarin jini cikin sa'o'in farko, ko musanya jinin inda ake da kayan aiki, tare da lura kada Hb ya haura 10 farat ɗaya jinin ya yi kauri. A tafi da katinsa na asibiti, da 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.